Jadawalin Pareto a Shagon Ɗinki: Ta Ina Za a Fara Gyara?

Duk wurin sana'ar da ke hulɗa da jama'a yana da nasa ƙorafe-ƙorafen, kuma kowa a wurin yana ganin ya san wanda ya fi damun kwastomomi. Tambayi maigidan shagon ɗinki, zai ce yara ba sa mayar da hankali. Tambayi yaran, za su ce rashin wuta ne. Mai yanka kuwa zai ce mutane ne suke ƙiba tsakanin ranar awo da ranar karɓa. Kowannensu yana da gaskiyarsa, sai dai abin da mutum ya fi tunawa shi ne ƙorafin da ya zo da ihu, ko wanda ya faru jiya, ko wanda laifinsa bai faɗa kansa ba. Da irin wannan tunani ake kashe kuɗi a sayi sabon janareto, a wayi gari ƙorafin yana nan inda yake.

Akwai wani zane mai sauƙi da masana'antu suka daɗe suna amfani da shi don raba wannan gardama. Sunansa jadawalin Pareto. Sanduna ne a tsaye, kowace sanda tana wakiltar irin ƙorafi guda, tsawonta gwargwadon yawan faruwarsa. Ana jera su daga hagu zuwa dama, mafi tsawo a farko, suna ta raguwa. A samansu kuma akwai layi ɗaya da ke hawa, wanda ke tara su ɗaya kan ɗaya har ya kai kashi 100 a ƙarshen dama. Sandunan suna gaya maka wanne ya fi wanne. Layin yana gaya maka, in ka magance na farko da na biyu, ko har da na uku, kashi nawa na damuwar ka taɓa.

Sunan ya samo asali daga Vilfredo Pareto, masanin tattalin arziki ɗan Italiya da ya koyar a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, ya rasu a 1923. Bincikensa a kan rabon dukiya ne, inda ya nuna cewa 'yan kaɗan ne ke riƙe da mafi yawanta. Bai taɓa zana jadawalin ƙorafi ba. Wanda ya kawo tunanin cikin masana'anta shi ne Joseph Juran, injiniyan da ya fara aiki a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric a Amurka. Ya lura cewa in aka jera aibobin da ake samu a kaya, 'yan ƙalilan ne ke cinye mafi yawan asarar. Ya sa wannan a littafinsa na kula da ingancin kaya da ya fito a 1951, ya laƙaba masa sunan Pareto. Daga baya, a 1975, shi da kansa ya rubuta cewa ya yi kuskuren sunan, domin Pareto a kan dukiya kawai ya yi magana, layin da ke tarawa kuma ya fi kusa da aikin Max Lorenz na 1905. Amma suna ya riga ya bi. A Japan ne zanen ya shiga hannun ma'aikata sosai, inda Kaoru Ishikawa ya sa shi cikin kayan aiki bakwai da yake koya wa ƙananan ƙungiyoyin ma'aikata da ke zama su tattauna ingancin aikinsu. Wato a can bai tsaya a ofis kawai ba, masu aiki da hannu ma suna zana shi a allo.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, na tsara su don bayani, amma irin ƙorafin duk wanda ya taɓa kai ɗinki ya san su.

A ce shago ne na ɗinkin maza mai teloli takwas, ana ɗinka kaftani da jamfa da babbar riga, ana kai aikin wuya wurin mai surfani a waje. Maigida ya ajiye littafi kusa da littafin awo, ya ce daga yau duk wanda ya zo da ƙorafi a rubuta: ranar, irin kayan, abin da mutumin ya ce da bakinsa, da abin da aka kashe wajen gyara. Wannan matakin shi ne mafi wuya a duk aikin, kuma a nan aka fi faɗuwa. In yaran shago suka fahimci littafin na kama mai laifi ne, to za a riƙa gyara ɓarna a ɓoye, littafi ya zauna fes. Shi ya sa ya fi kyau a bar sunan tela daga ciki a zagayen farko.

Bayan wata uku an tara ƙorafi 120. Sai maigida ya rufe shago na awa biyu wata safiya, ya tara kowa har da mai guga, aka kafa babban kwali a bango. Aka riƙa karanto ƙorafin ɗaya bayan ɗaya, ana yarda a kan rukunin da kowanne zai shiga, ana ja masa ɗan layi a gaban rukunin. Da aka ƙirga, rashin cika alkawarin ranar karɓa ya tashi 54. Awo bai yi daidai ba, 30. Aikin wuya ba wanda aka zaɓa ba ne, 12. Ɗinki ya warware ko maɓalli ya cire, 9. Tabon man keke ko datti a jikin yadi, 6. Dutsen guga ya ƙona yadi, 3. Sai wasu guda 6 da ba su da 'yan'uwa, irin su ɓatan ragowar yadi da rashin iya magana na wani yaro, aka haɗa su a rukunin "sauran".

Yanzu lissafi. Ana raba kowane adadi da jimilla a ninka da 100. Rashin cika alkawari, 54 cikin 120, ya zama kashi 45. Awo kashi 25. Aikin wuya kashi 10. Warwarewa kashi 7.5, tabo kashi 5, ƙuna kashi 2.5, sauran kashi 5. Layin tarawa kuma ba komai ba ne illa ƙara kowanne a kan na gabansa: 45, sai 70, sai 80, sai 87.5, sai 92.5, sai 95, sai 100.

Wurin zanawa akwai wata dabara da mutane da yawa ke tsallakewa. A gefen hagu na kwalin ana rubuta adadi daga sifiri a ƙasa har zuwa jimillar duka, wato 120, a sama. A gefen dama ana rubuta kashi, daga sifiri zuwa 100, a kuma tabbata 100 ɗin tana daidai da tsayin 120 ɗin hagu. In aka yi haka, ɗigon farko na layin zai zauna a kan sandar farko daidai, a kusurwarta ta dama, kuma ido zai ga layin kamar an ɗora sandunan ne a kan juna. In aka tsayar da gefen hagu a 60 don sanduna su yi tsawo su cika takarda, layin da sandunan sun daina magana ɗaya, sandar farko za ta yi kamar ta cinye kusan komai. Rukunin "sauran" kuma a ƙarshen dama yake zama ko da ya fi wasu tsawo, kamar yadda 6 ɗinsa ta fi 3 na ƙuna a nan, domin ba abu ɗaya ba ne da za a iya kamawa a gyara. Masu kwamfuta suna da zanen a shirye cikin Excel tun daga fitowar 2016, da sunan Pareto. Amma a zama irin wannan na fi son kwali da alƙalami, don wanda ya ja layin ƙirga da hannunsa ba ya musun abin da ya fito.

Karanta zanen ba wuya. A bi layin daga hagu a ga inda ya daina hawa da ƙarfi ya fara kwanciya. A misalinmu ya yi tsalle zuwa 45, ya sake tsalle zuwa 70, daga nan sai hawan ya yi laushi. Abubuwa biyu kacal suna ɗauke da ƙorafi 84 cikin 120. An saba jin ana cewa kashi 20 na dalilai ke jawo kashi 80 na matsala, har wasu suna ɗaukarsa kamar doka. Ba doka ba ce. A nan rukuni uku cikin bakwai ne suka kai kashi 80, kuma ba abin da ya lalace. A wani shagon za ka ga rukuni ɗaya ya ɗauki kashi 60, a wani kuma sai an haɗa huɗu. Abin nema shi ne inda layin ya karya, ba lamba 80 ba.

To amma ga inda mafi yawan masu zanen ke tsayawa, suna ganin an gama, alhali ba a fara ba. "Rashin cika alkawari" abin da kwastoma ya gani ne. Ba shi ne dalili ba. In maigida ya dubi doguwar sandar nan ya ce daga yau kowa ya riƙa cika alkawari, bai gyara komai ba, faɗa kawai ya yi. Abin yi shi ne a ɗauki waɗannan 54 su kaɗai a sake yi musu nasu jadawalin, wannan karon ana tambayar me ya hana kayan fita a ranar da aka ɗiba. A nan littafin awo yake da amfani, domin yana da ranar karɓar yadi da ranar alkawari.

A ce da aka bi su, 28 sun faɗa cikin makonnin da aka karɓi aikin da ya fi ƙarfin shagon, 13 kayan sun kwana wurin mai surfani, 7 rashin wuta ne ko lalacewar janareto, 4 telan da ke da aikin bai zo ba, 2 kuma wasu dalilai. Rashin wutar da kowa ke ambata ya zo na uku, da kusan kashi 13. Karɓar aiki fiye da ƙima shi kaɗai ya haura rabi, in aka haɗa da jiran surfani an kai kusan kashi 76. Kuma wa ke karɓar aiki ya yanka rana? Maigida. Wannan ne lokacin da zaman ke yin shiru, kuma daga yadda maigida ya karɓi sakamakon ake gane ko za a sake zana wani.

Gyaran da ya fito daga nan ba ya buƙatar sayen komai. In teloli takwas suna iya fitar da kaftani 48 a mako, a rubuta 48 a saman shafin kowane mako, duk yadin da aka karɓa a cire shi daga ciki, babbar riga a ƙirga ta a matsayin biyu ko uku gwargwadon aikinta. Shafi ya cika, alkawari ya koma mako na gaba, ko da mai kayan aminin maigida ne, ko da Sallah saura kwana goma. Kayan da za su je surfani kuma a yanka su da wuri a tura, a ƙara kwanakin mai surfani a cikin alkawarin tun farko, maimakon a ɗauka zai gama a rana ɗaya.

Sai dai yawan faruwa ba shi kaɗai ne ma'auni ba, kuma a ganina duk wanda ya zana jadawali ɗaya ya tsaya ya ga rabin hoton ne. A koma littafin a duba abin da kowane ƙorafi ya ci. A ce jinkiri ana rage wa mutum naira 1,000 a ba shi haƙuri, 54 sun ci 54,000. Gyaran awo yana cin aikin naira 2,500, 30 sun ci 75,000. Kwance aikin wuya a sake wani 6,000 ne, 12 sun ci 72,000. Warwarewa 500 kowanne, 4,500. Tabo 2,000, wato 12,000. Sauran 6,000 gaba ɗaya. Ƙuna fa? Shadda mai tsada in dutsen guga ya cinye ta, biya ake yi. A ce 40,000 kowace, uku sun ci 120,000. Jimilla 343,500.

Jera su yanzu bisa kuɗi, sai zanen ya juye. Ƙunar da take can kusa da ƙarshe da ƙorafi uku kacal ta dawo ta farko da kusan kashi 35. Awo ya biyo da kusan 22, aikin wuya da kusan 21, layin ya kai kusan 78 kafin ma a iso jinkiri, wanda ya sauka na huɗu. Wanne ne gaskiya? Duka biyun. Tambayoyi daban suke amsawa. Na farko yana nuna abin da ya fi ɓata wa mutane rai, na biyu yana nuna inda kuɗin shago ke zuba. Kuma na biyun yana da makantarsa: naira 1,000 da aka rubuta wa jinkiri ragin da aka yi ne kawai, ba a sa mutumin da ya yi Sallah da tsohuwar riga ya rantse ba zai sake dawowa ba, har ya gaya wa abokansa a majalisa. Wannan asarar ba ta shiga littafi. Haka nan ƙorafi uku sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, wata ukun da ke tafe ana iya samun ɗaya ko babu. Duk da haka, tun da maganin ƙuna mai arha ne, a shimfiɗa ƙyalle tsakanin dutse da shadda, a gwada zafi a kan ragowar yadi, a hana sabon yaro guge kaya masu tsada, ba dalilin jira. Abin da ya zo sama a jadawalai biyun, kamar awo a nan da yake na biyu a kowanne, shi ya fi cancanta a zauna a kansa da gaske bayan jinkiri.

Rarraba rukuni ma yana iya sauya amsa ba tare da an taɓa lamba ko ɗaya ba. Da an raba awo gida huɗu, hannu ya yi gajere 9, wuya ya matse 8, ƙugun wando 7, tsawon riga 6, da babu ɗayansu da zai kai aikin wuya mai 12, sai matsalar da take ta biyu ta ɓace a tsakiyar zane. Da kuma an haɗa tabo da ƙuna da warwarewa a kira su "sakaci", da an sami sanda mai 18 da ba wanda ya san ta ina zai kama ta. Abin da nake bi shi ne: a haɗa abubuwan da gyara ɗaya zai magance, a raba waɗanda gyaransu ya bambanta. In duk kuskuren awo daga hannun mai riƙe tef ɗaya yake fitowa, ko daga dogaro da tsohon awon bara, rukuni ɗaya ne. Kuma kowane ƙorafi gida ɗaya zai shiga. In mutum ya zo da abu biyu, kaya sun makara kuma hannu ya yi gajere, a yanke tun farko ko za a rubuta biyu ko babban kawai, a tsaya a kan hakan har ƙarshe.

Zanen da kansa yana nuna alamar in an yi kuskure. In sandar "sauran" ta yi tsawo har tana gogayya da manyan, akwai rukunin da ke ɓoye a cikinta, a buɗe ta. In sandunan duka kusan tsawonsu ɗaya, layin ya tafi a miƙe ba karyewa, to ko dai rukunan ba su yi ba, ko kuma an kalli abin ta fuskar da ba ta raba komai. Sai a gwada wata: a jera bisa irin kaya, ko bisa mako, ko bisa keken da aka yi aikin. Wani lokaci a nan za a ga tabon mai duka daga keke ɗaya yake. In kuma sanda ɗaya ta cinye kashi 90, yawanci sunanta ne ya yi faɗi, kamar a ce "aiki bai yi kyau ba".

Akwai abin da ba a jiran jadawali a kansa. Wayar wuta da ta tsage kusa da tarin yadi, ko dutsen gawayi da ake bari da wuta a rufe shago, ko da ba a taɓa samun ƙorafi ko ɗaya a kansu ba, yau ake gyarawa. Jadawalin yana ƙirga abin da ya riga ya faru ne, har aka kawo ƙara. Ƙananan sandunan dama ma ba watsi ake da su ba. Juran kansa daga baya ya daina kiransu marasa muhimmanci. Layi kawai suke bi.

Bayan wata uku da fara ƙayyade aiki, a sake zama a zana sabo, da rukunai iri ɗaya da ma'aunin hagu iri ɗaya, a manna shi gefen tsohon. A ce jinkiri ya sauka zuwa 20, awo 28, aikin wuya 11, warwarewa 9, tabo 6, ƙuna 1, sauran 5, jimilla 80. Awo ya koma na farko, kashinsa ya tashi daga 25 zuwa 35, sai wani ya ce mai yanka ya lalace. Bai lalace ba, adadinsa ma raguwa ya yi daga 30 zuwa 28. Kashin ya tashi ne don jimillar ta ragu. Shi ya sa wurin kwatanta zane biyu tsawon sanduna ake dubawa, ba kashi ba.

Ita ma jimillar sai an auna ta da yawan aikin da aka yi. In a zangon farko, da ya haɗa da Sallah, an ɗinka kaya 600 aka sami ƙorafi 120, ke nan 20 a kowane 100. In a zango na biyu kaya 500 aka ɗinka, ƙorafi 80 ya zama 16 a kowane 100, an sami ci gaba. In kuwa 400 ne, to 20 ɗin ce dai, kasuwa ce ta yi sanyi. Don haka a saman kowane kwali a rubuta watannin da ya ƙunsa da adadin kayan da aka fitar, kuma hukuncin ƙarshe a kan maganar jinkiri a bar shi sai an kwatanta Sallah da Sallah. Kafin nan, zama na gaba na awo ne: a fito da waɗannan 28, a raba su bisa wanda ya riƙe tef, da ko sabon awo aka ɗauka ko tsoho aka bi, da ko mai kayan ya zo da kansa ko riga ya aiko a gwada da ita.